Farashin sari da na ɗai-ɗai a Kaduna: ina tazarar take tafiya, kuma yaushe ragin dila yake zama riba?

Sau da yawa mutum zai ji labarin cewa katan ɗin taliya ya sauka a Kasuwar Singa ta Kano ko a wajen manyan diloli na Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ya fito shagon unguwarsu a Rigasa ko Badarawa da murna, sai a ce masa leda ɗaya tana nan yadda take jiya. Wani kuma ya ɗauki kuɗinsa ya tafi wajen dila da kansa, a gaya masa wancan farashin da ya ji na mai ɗaukar katan 50 ne, shi da ke son biyu nasa daban. Daga nan sai zargi ya tashi: magidanci ya ce mai shago ya cika son riba, mai shago ya ce dila ne ya matse shi, dila ya nuna kamfani.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yunin shekarar, farashi ya riƙa motsi da sauri, wannan saɓani ya ƙara fitowa fili. A watan Agustan 2024 hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare masu saye, FCCPC, ta ba 'yan kasuwa wa'adin wata guda su sauko da farashin da ta ce ya wuce kima, daga baya kuma ta bayyana cewa ba ƙayyade farashi take nufi ba. Don a gane inda gaskiyar kowa take, za a bi katan ɗin taliya guda daga hannun dila har zuwa tukunya. Alƙaluman kuɗin da ke tafe na misali ne, domin farashi yana sauyawa kusan kowane mako, amma lissafin bai sauyawa.

Kalmomin da ake cuɗanyawa

Sari shi ne sayen kaya da yawa don a sake sayarwa. Dila shi ne wanda ke karɓar kaya kai tsaye daga kamfani, yawanci mota-mota, bisa yarjejeniya. Ƙarƙashinsa akwai ɗan sari, wanda ke ɗaukar katan hamsin ko ɗari ya raba wa masu shaguna da 'yan tireda. Dila daban, dillali daban: dillali bai mallaki kayan ba, haɗa ciniki yake yi ya karɓi la'ada.

Mafi ƙarancin adadin saye shi ne iyakar da mai sayarwa ya gindaya, wadda in ba ka kai ta ba, ko dai ba zai sayar maka ba, ko kuma ba za ka sami farashin sari ba. A kasuwa ba a yi masa dogon suna, cewa ake yi “daga goma ne” ko “ba ma fasa katan”. Matakan ragi kuma su ne yadda farashin kowane katan ke sauka in adadin ya ƙetare wata iyaka. Gyara ita ce ƙarin kaya a kan abin da ka biya. Ita ma ragi ce, sai dai lissafinta ya ɗan bambanta, za a zo kansa.

Abin da ya sa ake gindaya adadi

Dalilin farko mota ce. Tirelar da ke ɗaukar tan 30 na siminti buhu 600 take ci, tunda kowane buhu kilo 50 ne. Direba, gas, gyaran taya da kuɗin hanya kusan ɗaya ne ko ta cika ko ta tafi da rabi. In ta tafi da rabi, kuɗin motar da ke kan kowane buhu ya ninka. Saboda haka kamfani ba ya son rubuta takarda ga mai son buhu 40, sai ya ce masa ya je wajen dila. Haka abin yake a taliya, sukari da man girki.

A wajen dila ma akwai aikin da ba ya raguwa don ciniki ƙarami ne. Yaro zai buɗe sito, ya ƙirga, a rubuta rasit, a jira shigar kuɗi a banki, a kira 'yan dako. Wannan hidima ɗaya ce ga mai katan biyu da mai katan ɗari. Wanda ya ɗauki ɗari ya raba nauyinta gida ɗari, shi ya sa ake iya yi masa ragi ba tare da an faɗi ba.

Akwai dalili na uku da ba kowa ya sani ba. Kamfanoni da yawa suna gindaya wa dila adadin da zai ɗauka a wata ko a wata uku, in ya cika a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. A ce dila yana karɓar katan a kan naira 17,000, an kuma yi masa alkawarin kashi 2 cikin ɗari in ya cika adadi, wato naira 340 a kowane katan. Ainihin farashinsa ya zama 16,660. To, yana iya sayar wa babban ɗan sari a 16,900, ƙasa da abin da ke rubuce a takardar kamfani da naira 100, kuma ya fita da 240. Wanda bai san da wannan ba sai ya ɗauka kayan sata ne ko na jabu. Wannan ne ma ya sa wani lokaci dila ya fi sauƙin kai a ƙarshen wata: saura kaɗan ya cika adadinsa, yana neman wanda zai kwashe. In kuwa bai cika ba, wancan ragin da ya yi ya zama faɗuwa a kansa.

Matakan ragi iri biyu ne, kuma bambancinsu kuɗi ne

Katan ɗin taliya da aka fi sani yana da leda 20, kowace giram 500, wato kilo 10. A ce wani dila ya tsara farashinsa kamar haka: daga katan 1 zuwa 9, naira 18,000, daga 10 zuwa 49, naira 17,400, daga 50 zuwa sama, naira 16,900.

Tambayar da ya kamata mai saye ya fara yi ita ce: in na kai mataki, sabon farashin zai hau kan duk kayan ne, ko kan waɗanda suka haura iyakar kawai? A kasuwanninmu an fi yin na farko. A wannan tsari katan 9 naira 162,000 ne, katan 10 kuma 174,000. Ke nan katan na goman ya zo maka a 12,000 kacal. A mataki na gaba abin ya fi ban mamaki: katan 49 sun kama 852,600, katan 50 kuma 845,000. Mai ɗaukar 50 ya fi mai ɗaukar 49 kaya, kuma ya biya ƙasa da shi da naira 7,600. Mai niyyar 48 zai biya 835,200, in ya ƙara 9,800 ya tafi da katan biyu ƙari. Duk wanda adadinsa ya zo dab da iyaka, ya kamata ya buga lissafin cikawa kafin ya biya.

A tsari na biyu, katan taran farko suna nan a 18,000, arba'in da ke biye a 17,400, na hamsin ɗin ne kaɗai zai zo a 16,900. Jimilla 874,900, wato kusan 17,500 kowane katan. Tsakanin tsarin biyu akwai naira 29,900 a kan kaya iri ɗaya, adadi ɗaya. Rigimar da kan tashi a bakin sito bayan an gama lodi sau da yawa daga nan take: mai saye ya fahimci na farko, mai sayarwa yana nufin na biyu, ba wanda ya fayyace kafin a ce “na sallama”.

Ita kuwa gyara, in aka ce ka ɗauki 20 a ba ka ɗaya, mutane kan ce ragin kashi 5 ne. Bai kai ba. Ka biya 348,000 kuɗin katan 20 a kan 17,400, ka tafi da 21, kowane ya tsaya maka a kusan 16,570, ragin kashi 4.8 ke nan. Bambancin ba shi da yawa, amma akwai wani abu da ya fi shi: ragin kuɗi yana barin kuɗi a aljihunka yau, gyara kuwa sai ka sayar da katan ɗin kafin ta zama kuɗi. In kuma gyarar ta wani kaya ce daban da ba ya tafiya a unguwarku, ƙimarta abin da za ka iya sayar da ita ne, ba farashin da kamfani ya sa mata ba.

Mai shago ɗaya, hanya biyu

A ɗauki mai shago a Rigasa da jarin naira 900,000, wanda taliya katan 5 take fita masa a mako, yana sayar da leda a naira 1,000, wato katan yana kawo masa 20,000.

Hanya ta farko, ya riƙa ɗaukar katan 10 duk mako biyu. Kuɗin kaya 174,000, mai Keke 3,000, dako 1,000. Kowane katan ya iso shago a 17,800, ribarsa 2,200. Hanya ta biyu, ya ɗauki 50 lokaci guda. Kuɗin kaya 845,000, a-kori-kura 10,000, dako 5,000. Katan ya iso a 17,200, riba 2,800. A ido hanya ta biyu ta fi da naira 600 a kowane katan, 30,000 a kan hamsin ɗin.

Sai dai katan 50 mako goma za su yi kafin su ƙare. Ranar da ya sauke su, jarinsa saura 40,000, kuma da ita zai sayo sukari, man girki, sabulu, madara da omo. Mai zuwa sayen taliya yakan nemi man girki da sinadarin ɗanɗano a lokaci guda. In bai samu ba ya wuce shagon gaba, wataƙila har da taliyar ya saya can.

Ga yadda za a auna abin da kuɗi. Tunda kayan suna raguwa a hankali, kuɗin da ke kwance a taliya a tsawon makonnin goma matsakaicinsa rabin abin da aka zuba ne: kusan 430,000 a hanya ta biyu, kusan 89,000 a ta farko. Tazarar ta kai 340,000. Da wannan kuɗi yana cikin wasu kayan da ke juyawa duk mako biyu da ribar kashi 5, zai kawo 17,000 a kowane juyi, sau biyar 85,000. An bar 85,000 don a kama 30,000. Wannan lissafi yana da sharaɗi ɗaya: sai in shagon yana da masu sayen waɗancan kayan. In mai shagon yana da rarar kuɗi da ke zaune a banki ba ta aikin komai, to 30,000 ɗin riba ce ta gaske.

Ba a ma sa hatsarin ajiya ba. Taliya ba ta son danshi. Kaduna kuwa damina tana da ƙarfi, musamman a watan Agusta da Satumba, kuma katan da aka jibge a kan siminti ba tare da katako a ƙasa ba, na ƙasan yakan jiƙe ya yi laushi. Ɓera yana huda leda, ƙwari suna shiga, nauyin na sama yana karya na ƙasa in an yi tsayi da jeri. Katan ɗaya ya lalace, 17,200 ta tafi, fiye da rabin ragin gaba ɗaya. In kuma a mako na biyar kamfani ya sauke farashi da naira 1,000, saura katan 25 a hannu, maƙwabcin da ya yi sabon sari zai karya farashi, dole a bi shi, 25,000 ta sake tafiya.

Gaskiya ne abin yana iya juyawa. In farashi ya hau da 1,000 maimakon ya sauka, mai katan 25 ya ci 25,000 yana zaune. Wannan ne ya sa a lokacin da kaya ke hawa kowane mako masu hali suka riƙa cika sito, kuma waɗanda suka yi da wuri sun samu. Amma wannan caca ce a kan inda farashi zai nufa, ba ribar matakin ragi ba ce, kuma mutanen da suka saba da ita su ne kan fi jin jiki ranar da kasuwa ta juya.

Yanzu a ɗauki wani ɗan sari a Kasuwar Bacci da ke fitar da katan 25 a mako. Shi katan 50 mako biyu ne, kafin danshi ko sauyin farashi su same shi ya sayar. Naira 30,000 ɗin nan duk mako biyu yake samunta. Teburin farashi ɗaya ne, amma ga wannan alheri ne, ga na Rigasa kwantai. Ma'aunin shi ne kwana nawa kayan za su yi a hannu: a raba adadin da za a ɗauka da abin da ke fita a mako. A kayan masarufi masu ƙaramar riba, in amsar ta haura mako uku ko huɗu, ragin kashi 3 da wuya ya biya kuɗin zaman.

Ina tazarar take tafiya?

Tsakanin 16,900 na babban sari da 20,000 na ɗai-ɗai akwai naira 3,100. Magidancin da ya ji farashin farko yakan ɗauka duk wannan aljihun mai shago take shiga. A misalin da ya gabata, 500 ta tafi saboda mai shagon bai kai matakin 50 ba, 400 ta tafi a Keke da dako, saura 2,200. In aka raba ta gida 20, naira 110 ce a kowace leda.

A nan ma akwai ruɗani a lissafi. Naira 2,200 a kan uwar kuɗi 17,800 kashi 12.4 ce, amma a kan cinikin 20,000 kashi 11 ce. Mai shagon da ya ƙirga cinikin rana ya cire kashi 12 ya ce ribarsa ce, yana gutsurar jarinsa kaɗan-kaɗan bai sani ba.

Daga cikin 110 ɗin ne za a fitar da hayar shago, kuɗin wuta, ledar zuba kaya, harajin ƙaramar hukuma, cajin tura kuɗi da cirewa, da abincin yaron shago. Sannan ga bashi. Leda ɗaya ta tsaya wa mai shagon a 890. In maƙwabci ya karɓa bai biya ba, sai an sayar da sama da leda takwas kafin a mayar da uwar kuɗinta, ba a fara maganar riba ba. Dila ba ya ba magidanci bashin leda ɗaya da ƙarfe tara na dare. Shagon unguwa yana bayarwa, kuma masu biya nan take su ne ke ɗaukar nauyin waɗanda ba sa biya.

Sai batun canji, wanda shi ne babban dalilin da ya sa sauƙin sari ba ya saurin isowa unguwa. In katan ya sauka da naira 400, leda ta sauka da 20 ke nan. Wa zai sayar da taliya 980? 'Yan naira goma da ashirin sun yi wuyar samu, farashin ɗai-ɗai hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari yake tafiya. Rage naira 50 a leda yana nufin rage 1,000 a katan. Saboda haka mai shago ba zai motsa ba sai sarin ya sauka da kusan dubu, kuma sai tsohon kayansa sun ƙare. A hawa kuwa ba a jira haka: katan ya hau da 400, leda ta tashi da 50, wato 1,000 a katan, kuma nan take, domin mai shago yana kallon kuɗin da zai sake sari da shi ne, ba wanda ya saya da shi ba. Ƙorafin masu saye cewa kaya suna saurin hawa suna jinkirin sauka yana da tushe, ko da ba a yi wani haɗin baki ba.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Masu saye suna cewa tsarin yana sa marar hali ya fi kowa biya. Lissafi ya goyi bayansu. Ma'aikacin da zai iya sayen katan a 18,000 leda ta zo masa a 900, ɗan acaɓa ko lebura mai samu kullum yana biyan 1,000, mai sayen rabin leda ko ƙullin sukari kuma in aka auna da kilo ya fi su duka biya.

Ƙananan masu shago suna kukan cewa matakan suna ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi: wanda ke ɗaukar 50 yana iya sayar da katan a farashin da su ko sari ba su samu a kai ba. Suna kuma ƙorafi a kan haɗi, inda ake cewa ba za a ba ka kayan da ake rububi ba sai ka haɗa da wanda ya yi kwantai. A irin wannan, farashin gaskiya shi ne jimillar kuɗin duka biyun, a cire abin da za a iya samu daga marar tafiyar.

Diloli kuma suna cewa su ne ke zuba kuɗi mota-mota tun kafin kaya su baro kamfani, su biya hayar sito da masu gadi, su ɗauki hatsarin hanya da gobara, a kan ribar da ba ta wuce 'yan ɗaruruwa a katan ba. In suka sayar wa mai katan biyu a farashin mai hamsin, 'yan sarinsu za su watse, su kuma ba su da yaran da za su tsaya fasa katan.

Dokar gasar kasuwanci da kare masu saye ta 2018 ba ta hana ragi bisa yawan kaya ba. Abin da ta hana ya haɗa da 'yan kasuwa su haɗa baki su tsayar da farashi, da mai kaya ya tilasta wa mai sake sayarwa kada ya sauka ƙasa da wani farashi, da yaudarar mai saye a kan farashi. Ke nan dila ya ce “daga goma ne” ba laifi ba ne. Diloli su zauna su yanke cewa ba wanda zai sauka ƙasa da kaza, ko su riƙe kaya da gangan don ya yi tsada, wannan magana ce daban. Malamai ma sun bambanta ajiyar ɗan kasuwa ta yau da kullum da ɓoye abinci lokacin da mutane ke buƙata, wanda hadisi ya yi hani a kansa.

Hanyoyin da ƙarami ke bi ya kai mataki

Wadda ta fi yawa ita ce haɗa kuɗi. Masu shago biyar, kowa katan 10, su ɗauki 50 da sunan mutum ɗaya. Kowa ya biya 169,000 maimakon 174,000, ya tsira da 5,000 ba tare da ya kwantar da jarinsa mako goma ba. Abin da ke rusa irin wannan haɗaka sananne ne: mutum ɗaya ya janye ranar biya, adadi ya koma 40, farashi ya koma 17,400 a kan kowa, ko a sami katan a fashe a rasa na wane ne. Masu daɗewa a kai suna tara kuɗin kwana ɗaya kafin tafiya, su kuma yi yarjejeniya tun farko cewa asarar hanya ta kowa ce. Ya fi kyau shagunan su kasance a layi ɗaya ko kusa, in ba haka ba kuɗin rarrabawa zai cinye dubu biyar ɗin.

Wasu kuma Kano suke nufa. Tafiyar ta haura kilomita 200, kuma ita ma tana da nata mafi ƙarancin adadi, ko da ba wanda ya gindaya shi. A ce katan ya fi sauƙi a Singa da naira 300, kuɗin kawo kowane katan Kaduna 150, zuwa da dawowar mutum da abincinsa 12,000. Abin da ya rage a katan 150 ne, sai an ɗauki 80 kafin a mayar da kuɗin tafiyar kaɗai. Shi ya sa masu zuwa ba sa tafiya don kaya ɗaya, sai sun haɗa jerin kaya da yawa, ko su tura kuɗi ga wanda suka amince da shi a sa musu a mota.

Akwai kuma karɓar kaya bashi daga dila, a biya bayan mako. Yawanci farashin bashi ya ɗara na kuɗi hannu. Ƙarin naira 300 a kan 17,400 kamar ba komai ba ne, amma kashi 1.7 ne a mako guda, kuma ya cinye rabin naira 600 ɗin da aka samu da hawa matakin goma.

Kafin a biya

Arha mai yawa tana da dalili, kuma yawanci a jikin katan yake rubuce. A duba ranar lalacewa: katan 50 da saura wata biyu su lalace ba su dace da mai fitar da katan 5 a mako ba, ko an rage masa dubu biyu. A duba nauyi, domin ba kowace leda ce giram 500 ba. Katan mai leda 20 na giram 400 kilo 8 ne, in an sayar da shi 15,500 kilo ya kama kusan 1,940, alhali na kilo 10 a 17,400 kilonsa 1,740 ne. A buɗe katan ɗaya ko biyu daga tsakiyar jeri, ba na sama da aka miƙo ba, a ga ko an sake liƙe shi. A tambaya ko farashin ya haɗa da lodi, kuma wa ke da asarar abin da ya fashe kafin mota ta tashi. A kuma sa a rubuta adadi da farashin kowane katan a rasit, ba jimilla kaɗai ba.

Ga magidanci lissafin ya fi sauƙi. Katan a 18,000 maimakon leda ashirin a 20,000 ya rage masa 2,000. In zai hau Keke daga Kawo ko Sabon Tasha musamman don katan ɗin, zuwa da dawowa na iya cinye rabi, sai dai in ya haɗa da sauran cefanen wata. Iyaye mata kuma sun san wani abu da ba ya cikin lissafin dila: katan a buɗe a ɗaki ya fi saurin ƙarewa, domin leda biyun da aka saba dafawa sukan koma uku, maƙwabciya ma za ta aiko a ara mata ɗaya. Gidan da ke cin leda biyar a mako, katan zai kai shi wata guda in an riƙe ma'auni, ragin kuma ya tabbata. Gidan da ke cin ɗaya a mako zai yi kusan wata biyar da shi, ya fi masa sauƙi ya raba katan ɗin da ɗan'uwa ko maƙwabci, kowa ya ɗauki goma a kan 9,000.